Tubula 200Ah biyu ko litiyam 100Ah ɗaya?

"Salam jama'a, inbata ta 24V ce, mai shago ya ce in ɗauki tubula 200Ah guda biyu wai sun ninka litiyam 25.6V 100Ah, gaskiya ne? Lodina fanka biyu, talabijin da ƙwan fitila, kamar wat 300."

Wa alaikumus salam ɗan uwa. A takarda mai shagon bai yi ƙarya ba, tubula biyu masu 12V kowanne in an haɗa su sun zama 24V, 24 sau 200 ya ba ka 4800Wh, litiyam ɗin kuma 25.6 sau 100 ya ba ka 2560Wh. To amma ba abin da aka rubuta a jikin batir ake sha ba, abin da za ka iya zuƙa kullum ba tare da ka kashe shi ba shi ne naka. Batirin dalma, ko tubula ko na jel, ana so ka tsaya a rabi, kenan 2400Wh ne a hannunka. Litiyam irin LiFePO4 kuwa za ka sha kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari kullum ba ya damuwa, a kashi 90 kana da wajen 2300Wh. Ka ga ninkin ya tafi, kusan kunnen doki suke.

Mu gwada da lodinka. Ita ma inbata tana cin nata, in mun ce kashi 85 take fitarwa, wat 300 ɗinka zai ja wajen wat 353 daga batir. Tubula: 2400 a raba da 353, kusan awa 7. Litiyam: 2300 a raba da 353, awa 6 da rabi. A ƙaramin lodi irin wannan wallahi ba wani bambanci a dare ɗaya.

Inda suke rabuwa shi ne in lodi ya yi nauyi. Duba jikin tubulan za ka ga C20 ko C10, ma'anar C20 shi ne 200Ah ɗin nan sai in ka ja shi a hankali, amfiya 10 na tsawon awa 20. Ranar da uwargida ta jona dutsen guga ko aka tada injin jan ruwa lodi ya kai wat 1000, kusan amfiya 49 kake ja, a wannan gudun tubula ba ya ba da 200 ɗin, yana faɗowa wajen 150, rabinsa 75, kenan awa ɗaya da rabi ka gama rabonka. Litiyam bai cika damuwa da saurin ja ba, zai kai ka kusan awa 2.

Abin da ke ci min rai kuma shi ne yadda mutane ke wuce rabin nan ba su sani ba. Inbata da yawa ba ta kashe kanta sai batir ya sauka wajen 21V, wato 10.5V kowane ɗaya, kuma a nan batirin ya riga ya ƙare ƙurmus. Ni haka na kashe saitina na farko, kullum sai inbata ta yi ta ƙara da asuba sannan mu kashe fanka, ina ganin ai batir na aiki ne tunda yana kai mu asuba, kafin shekara ta zagayo ƙarfe ɗaya na dare ma ba ya kaiwa. In kana son sanin inda rabi yake, kashe lodi ka bar shi ya huta kamar awa ɗaya ka auna da mita, wajen 24.2V zuwa 24.4V shi ne rabi. A litiyam wannan dabarar ba ta aiki sosai, don bolt ɗinsa yana tsayawa kusa da 26V har sai ya kusa ƙarewa, sai dai ka duba SOC, wato kashi nawa na caji ya rage, a allo ko a waya ta BMS ɗinsa, na'urar da ke cikin batirin tana kula da shi.

Sai caji. Tubula yana son awa 8 zuwa 10 kafin ya cika dam, ƙarshen cajin a hankali yake tafiya, in wutar Nepa awa uku take zuwa unguwarku kuma ba ka da sola, kullum daga kashi 80 za ka fara ba daga 100 ba, rabonka ya koma kashi 30, ga gishirin salfet yana daskarewa a farantansa. Haɗa da zafin watan Afrilu, don duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana kusan raba rayuwar batirin dalma biyu. Litiyam yana karɓar caji da sauri in cajar inbatarka za ta iya, kuma rashin cika ba ya cutar da shi.

Tubula ma yana da nasa, yana da araha wajen saye, kuma ranar larura akwai sauran rabin nan da za ka taɓa, litiyam kuwa BMS na yankewa shikenan duhu. In wutarku na daɗewa kuma za ka riƙa zuba ruwan batir kana tsayawa a rabi, ɗauki tubula. In ba haka ba ni dai litiyam zan ɗauka, amma ka fara tabbatar inbatarka na bari a saita bolt ɗin caji da na yankewa kafin ka biya kuɗi.