Takardar Tsarin Darasi: Kanu Biyar Ko Goma Sha Biyu?

Na gwada takarda mai kanu goma sha biyu. Ta yi kyau a ido, amma mako uku bai cika ba sai ga malamai suna rubuta "alli da allo" a gurbin kayan aiki kullum, gurbin "abin da ɗalibai suka riga suka sani" kuwa jimla ɗaya ake kwafa daga Litinin har Juma'a. Da ka ga haka, ka san don mai duba malamai ake cike ta.

Ɗayar kanu biyar ne kacal: aji da batu, manufa, matakai da mintuna, gwajin fahimta, sai gyara. A darasin minti 40 kan rabawa, malama ta rubuta manufa: ɗalibi ya iya raba 12 gida 3 da tsakuwa. Gabatarwa minti 5, nunawa 10, aikin ɗalibai 20, gwaji 5. Tana kallon lissafin ta gane ko surutunta ya cinye lokacin yara. Bayan an tashi ta cike gurbin gyara: "Shida ba su gane ba, gobe da su zan fara."

Doguwar ta fi amfani ga mai koyon aikin koyarwa, don tana tuna masa abin da zai manta. Amma mai darasi biyar a yini, gajeruwar zan miƙa masa, in bar wa matakai rabin shafin.