Haɗa adireshi a Excel: alamar & ko TEXTJOIN?

"Salama alaikum 'yan uwa. Ina aika turare da atamfa ga masu sayen kayana a nan Legas, kuma adireshinsu yana rarrabe a Excel: suna a A, titi a B, alamar wuri a C, unguwa a D, jiha a E. Da na haɗa su da &, duk wanda babu alamar wurinsa sai waƙafi biyu su fito a jere. An ce in gwada TEXTJOIN. Mene ne bambancinsu, kuma wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Bambancin yana wajen wanda yake sa waƙafin. Idan kika yi amfani da &, ke ce kike dasa kowane waƙafi da hannunki, don haka yana nan daram ko gurbin da ke gabansa da rubutu ko babu:

```
=A2&", "&B2&", "&C2&", "&D2&", "&E2
```

A ce wata mai saye tana Titin Iju a Agege, ba ta ba ki alamar wuri ba, C2 wayam. Abin da zai fito shi ne "Hajiya Rabi, Titin Iju, , Agege, Lagos". CONCATENATE ma hakan yake yi, sunan ne kawai ya bambanta. Shi kuwa CONCAT yana karɓar jere gaba ɗaya, amma sai ya manne kalmomin ba tazara, sunan mutum ya shige cikin sunan titi, don haka ki bar shi a wannan aikin.

TEXTJOIN kuma sau ɗaya kike gaya masa abin da zai raba tsakani, shi ya san inda zai sa:

```
=TEXTJOIN(", ",TRUE,A2:E2)
```

Na farko a cikin bakan shi ne waƙafi da tazara. TRUE ɗin nan shi ne umarnin ya tsallake duk gurbin da babu komai a ciki. Idan kika sa FALSE, waƙafi biyun nan za su dawo. Sakamako: "Hajiya Rabi, Titin Iju, Agege, Lagos". Ran da kika ƙara wani gurbi, a ce tashar bas mafi kusa, wadda masu kai kaya a babur suka fi tambaya fiye da lambar gida, tunda kin saka shi tsakanin A da E fomular za ta faɗaɗa da kanta. Da & kuwa sai kin buɗe ta kin yi mata ƙari.

In takardar da ake mannawa a jikin kwali kike so, kowane sashe a layinsa, sai ki sa CHAR(10) a madadin waƙafin, sannan ki kunna Wrap Text a gurbin. In ba ki kunna ba za ki ga komai a layi ɗaya ki zaci bai yi ba.

To amma akwai abin da ya taɓa cinye mini yamma guda a shagonmu na Idi-Araba. Na sa TRUE, waƙafi biyu suka ci gaba da fitowa a adireshi uku. Ashe yaron da yake shigar mana da sunaye, idan zai goge abu, maɓallin tazara yake dannawa maimakon Delete. Ido yana ganin gurbin wayam, amma a wurin Excel tazara ma rubutu ce. Ki gwada =LEN(C2): in ya ba ki 0 babu komai da gaske, in ya ba ki 1 ko 2 akwai tazara a ɓoye. Maganinsa:

```
=TEXTJOIN(", ",TRUE,TRIM(A2:E2))
```

A Microsoft 365 Enter kaɗai ya isa, a Excel 2019 sai kin danna Ctrl+Shift+Enter tare.

Inda & ya fi shi wuri ɗaya ne: yana aiki a kowane Excel. TEXTJOIN yana cikin Excel 2019 da waɗanda suka biyo baya, da Microsoft 365, da Google Sheets, amma babu shi a 2010 ko 2013, waɗanda har yanzu ake samu a kwamfutocin wasu shagunan buga takardu. A can, da zarar fomular ta sake lissafi, #NAME? za ki gani. In tsohon Excel gare ki, dole ki koma & tare da IF a kan kowane gurbi:

```
=A2&IF(B2="","",", "&B2)&IF(C2="","",", "&C2)
```

haka za ki ci gaba har E. Yana aiki, doguwa ce kawai, kuma kuskuren baka ɗaya ya isa ya ɓata ta.

Ni dai TEXTJOIN nake ba ki shawara muddin kwamfutarki ta karɓe shi. Kafin ki kai fayil ɗin wurin mai firinta, ki kwafi adireshin da suka haɗu, ki liƙa su da Paste Special sannan Values, don su zama rubutu zalla wanda ko wace kwamfuta za ta buɗe.