Hattara da masu "ɗaukar aiki" ta WhatsApp

Jama'a, ina jan hankalinku, musamman waɗanda suka gama bautar ƙasa suna ta raba takardu. Ƙanena ya yi asarar naira 85,000 a makon jiya, kuma da gaisuwa abin ya fara.

Wata lamba ce mai farawa da +62 ta turo masa saƙo, da hoton wata budurwa, har da 'yar alamar murmushi. Wai ita jami'ar ɗaukar ma'aikata ce, ta ga takardunsa a intanet, ko yana sha'awar aikin da zai yi daga gida? Ba sunan kamfani, ba sunan muƙami. Lambar ƙasar Indonesiya ce, amma ina ya tsaya dubawa? Ya ji ana masa magana kamar an daɗe da sanin juna, sai ya saki jiki.

Aikin wai ya danna Like a bidiyo uku na YouTube, ya ɗauki hoton allon wayarsa ya tura. Ya yi, aka sa masa 1,500 a asusunsa. Wannan kuɗin shi ne tsabar da ake watsa wa kaza. Daga nan aka kai shi wani zaure a Telegram, cike da masu nuna alat suna godiya, yawancinsu mutanen 'yan damfarar ne. Sai aka ce akwai babban aiki, amma sai ka fara zuba naka. Ya sa 10,000, aka dawo masa da 13,000. Ya sa 85,000, aka ce ya yi kuskure a mataki na uku, sai ya ƙara 150,000 kafin a saki kuɗinsa. A nan ne ya zo mini: "Yaya, ranta min, gobe zan mayar." Na karɓi wayar na karanta tun daga sama, jikina ya yi sanyi.

Ban ce duk mai neman ka ta WhatsApp ɗan damfara ba ne, ƙananan kamfanoni na yin haka. Amma idan za ka amsa, kar ka biye wa sakin fuskarsa. Ka gaishe shi a mutunce, ka tambayi sunan kamfanin, da muƙamin, da inda ya samu lambarka, sannan ka ce ya aiko da bayanin ta imel mai sunan kamfanin, ba Gmail ba. Na gaskiya zai amsa nan take, kai kuma ka nemi lambar kamfanin da kanka ka kira. Macuci kwana-kwana zai fara, yana cewa gurbin ya kusa cika. Da zarar ya ambaci kuɗin rajista, ko ya nemi BVN ko lambar OTP, ka danna Block da Report.

Ƙanena ya kai ƙorafi bankinsa washegari da hotunan hirar da rasit. Har yau ko sisi bai dawo ba, kuma jiya wata sabuwar lamba ta sake gaishe shi.