Soyayyen Ƙwai Mai Gwaiduwa ko Wainar Ƙwai?

Ana yawan tambayata wanne ya fi sauƙi. Wuta ce ke raba su.

Mai gwaiduwa ƙaramar wuta yake so. Fasa shi a mai kaɗan, ki rufe kaskon minti 3 zuwa 4, tururi ya dafa saman. Farin ƙwai yana riga gwaiduwa kamawa, shi ya sa wuta mai ƙarfi ke ƙona gefensa ya yi tauri, tsakiya kuwa ruwa. Wannan ɓarnar tana damuna.

Wainar ƙwai kuwa, tunda an kaɗa ta, tana jure matsakaiciyar wuta. Minti 2 ya isa, sai dai ki fara soya albasa da tumatir don kada ta yi ruwa.

Mai risho mai daidaituwa da haƙuri, ta yi mai gwaiduwa. Mai murhun itace ko gaggawa, waina ta fi mata.