Mayar da eSIM sabuwar waya: tura shi kai-tsaye ko karɓo sabuwar lambar QR?

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan uwa. Layina eSIM ne a kan iPhone 11, yanzu na sayi iPhone 14 'yar Amurka wadda ba ta da wurin saka sim. Na haska takardar QR ɗin da aka ba ni tun farko, sai wayar ta rubuto This code is no longer valid. Wani ya ce in tura daga tsohuwar wayar kai-tsaye, wani kuma ya ce sai na koma ofis. Wanne ya fi? Ban goge komai ba tukuna."

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi daidai da ka bar tsohuwar wayar yadda take, kuma ka ci gaba da barin ta haka har sai kira ya shigo a sabuwar. Dalilin zai fito idan aka fahimci abin da ke faruwa a lokacin da ake saka eSIM.

A cikin wayar akwai wani ɗan ƙaramin guntu da aka liƙa tun daga masana'anta, wanda yake da lambar shaidarsa mai alƙaluma 32 da ake kira EID. Idan ka danna *#06# za ka gan ta tare da IMEI, kuma rashin ganinta alama ce mai ƙarfi cewa wayar ba ta ɗaukar eSIM. Takardar QR ba ita ce layin ba. Abin da ke cikinta rubutu ne gajere mai wannan siffa:

```
LPA:1$adireshin-SM-DP+$lambar-kunnawa
```

Kashi na tsakiya adireshin kwamfutar da kamfanin layi ke ajiye bayanan layuka ne, na ƙarshe kuma lambar da ke nuna wane layi za a ba ka. Da ka haska, wayar takan bi ta intanet ta je wannan adireshi, ta gabatar da EID ɗinta, a ɗaure bayanan layin da wannan guntu shi kaɗai, sannan a sauke su a kulle. Daga nan kamfanin ya rubuta cewa an karɓi wannan layi. Shi ya sa takardarka ta ƙi aiki: an riga an ci ta a kan iPhone 11. Shi ya sa kuma ajiyar iCloud ko ta Google ba ta ɗauko eSIM, ko da ta kwaso hotuna da lambobin mutane da manhajoji duka. Ba a kwafar eSIM. Ko dai a ɗauke shi daga wata waya zuwa wata da yardar kamfanin layi, ko kuma kamfanin ya kashe tsohon ya fitar da sabo. Hanyoyi biyun da aka faɗa maka ke nan.

Hanya ta farko, wato tura shi kai-tsaye, ita ce mafi sauƙi idan ta samu. Tana buƙatar wayoyin biyu su kasance a kan iOS 16 ko sama da haka, suna kusa da juna, Bluetooth a kunne, tsohuwar a buɗe kuma tana da lambar kulle, sabuwar kuma tana kan Wi-Fi. A sabuwar wayar za ka shiga Settings, sai Cellular, wanda a wasu wayoyin yake fitowa da sunan Mobile Service ko Mobile Data, sai Add eSIM, sannan Transfer From Nearby iPhone. Tsohuwar za ta nemi ka tabbatar, ta yiwu kuma ta nemi ka shigar da lambar da ta bayyana a fuskar sabuwar. Cikin 'yan mintuna layin zai mutu a can ya tashi a nan, ba tare da ka taka ƙafa ko'ina ba. Samsung ma yana da irin wannan tsakanin wayoyinsa, a ƙarƙashin Settings, Connections, SIM manager, Add eSIM.

Sai dai wannan hanya ba a hannun wayar take ba. Dole kamfanin layinka ya haɗa na'urorinsa da wannan tsari, kuma kamfanoni da yawa da ke ba da eSIM ta takardar QR ba su yi hakan ba. Ganin maɓallin a fuskar waya ba ya nufin komai, domin maɓallin na wayar ne, izinin kuma na kamfanin. Yadda za ka gane shi ne, idan ka bi matakan sai layinka ya ƙi fitowa a jerin waɗanda za a iya turawa, ko ya fito a dushe tare da saƙon cewa ba a goyon bayan tura shi, to magana ta ƙare. Sake kunna waya sau goma ba zai canza wannan ba, haka ma kai ta wurin mai gyara, domin babu abin da ya lalace.

Hanya ta biyu, karɓo sabuwar lambar QR, ta fi cin lokaci amma ta fi tabbas, kuma ba ruwanta da irin wayar. Tana aiki daga iPhone zuwa Samsung, daga Pixel zuwa iPhone, har ma idan tsohuwar wayar ta ɓace ko ta faɗa ruwa, inda hanya ta farko ba ta da amfani sam tunda tana buƙatar tsohuwar a raye a hannunka. A wurin kamfanin wannan daidai yake da sauya sim da ya ɓace, saboda haka a Najeriya ka shirya zuwa da kanka da lambar NIN ɗinka, a tabbatar da kai ne mai layin ta hoton fuska ko zanen yatsa, a kuma yi maka tambayoyi irin su lambobin da ka fi kira da kuɗin da ka saka na ƙarshe. Wannan tsanani yana da dalili, domin duk wanda ya karɓi sabuwar lambar QR a kan layinka, shi zai riƙa karɓar lambobin sirri na banki. Saboda wannan dalili ne kuma bai kamata ka tura hoton takardar da ba a haska ba a kowane zaure, ko da don neman taimako ne.

Idan an ba ka sabuwar lambar QR, za ka koma Add eSIM ka zaɓi Use QR Code. Idan kyamara ta kasa karantawa saboda takardar ta dushe, akwai Enter Details Manually, inda za ka rubuta adireshin SM-DP+ da lambar kunnawa da hannu. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne intanet. Sabuwar wayar ba ta da layi tukuna, tsohon layin kuma zai iya mutuwa da zarar an fitar da sabon, don haka idan da datar tsohuwar wayar ka dogara, za ka tsinci kanka da takarda a hannu babu abin saukewa da shi. Ka haska a cikin ofishin da Wi-Fi ɗinsu, ko ka je da wani mai data a layi daban, kuma kada ka bar wurin sai ka kira wani, wani ya kira ka, saƙo ya shigo.

A nawa ganin, ga wanda ke da wayoyin biyu a hannu kamar kai, a gwada ta farko sau ɗaya domin ba ta cin komai, idan layin bai fito a jeri ba a tafi ta biyu ba tare da ɓata rana ba. Amma kafin ko wanne, akwai abin da ya fi damuna game da wayarka. Tun daga iPhone 14 a 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ramin sim, kuma da yawa daga cikinsu ana sayar da su ne a kulle da wani kamfanin layi na can. Shiga Settings, General, About, ka gangara zuwa Carrier Lock. Idan an rubuta No SIM restrictions, lafiya. Idan an rubuta SIM locked, babu eSIM na wani kamfani da zai hau, kuma babu mai buɗe ta bisa ƙa'ida sai kamfanin da ya kulle ta. A irin wannan hali sai ka mayar wa wanda ya sayar maka, kafin ka sa a kashe layin da ke aiki a tsohuwar wayar don wayar da ba za ta karɓe shi ba. Akasin wannan shi ne mafi yawan iPhone da aka yi wa kasuwar babban yankin Sin, waɗanda ke da wurin sim biyu amma ba su da eSIM.

Idan aka fara turawa sannan abu ya tsaya a tsakiya, tambaya ta farko ita ce: a ina layin yake yanzu? Kira lambarka daga wata waya. Idan tsohuwar ta yi ƙara, ba a taɓa komai ba, sai ka duba Wi-Fi, ka kashe VPN idan kana da shi, ka tabbatar kwanan wata da lokaci suna saita kansu, ka sake gwadawa. Wi-Fi na otal ko na makaranta mai buƙatar shafin shiga yakan hana saukewa, kuma canza shi kaɗai yakan warware matsalar.

Idan kuma layin ya bayyana a saitin sabuwar wayar amma tana nuna Activating ko No Service, bayanan sun sauka, kamfanin ne bai gama kunna su ba. A nan haƙuri ake buƙata, ba gogewa ba. Ka kashe Turn On This Line ka sake kunnawa, ka sa wayar a Airplane Mode na ɗan lokaci ka cire, ka sake kunna ta, sannan ka buɗe About ka ɗan jira ko za ta nemi sabunta saitin kamfanin layi. Reset Network Settings ba ya goge eSIM a iPhone, kodayake zai mantar da ita kalmomin sirrin Wi-Fi. A wasu wayoyin Android kuwa wannan shafi yana da akwatin goge eSIM, sai a karanta kafin a danna. Idan awanni suka wuce babu sauyi, ka kira kamfanin da wata waya ka ba su EID da IMEI na sabuwar wayar da lambar ICCID ta layin, wadda ke farawa da 89, domin da su ne za su ga ko an ɗaure layin da wayar da ta dace.

Hali na uku shi ne babu layin a ko wacce, kuma galibi gogewa ce ke jawo shi. Wani ƙanena ya ji cewa idan aka goge eSIM daga tsohuwar waya takardar farko za ta sake aiki. Akwai kamfanonin da tsarinsu haka yake, muddin wayar tana kan intanet lokacin gogewar don labari ya isa gare su, amma nasa ba ya cikinsu. Ya danna Delete eSIM da yammacin Juma'a, takardar ta ƙi, ya zauna har Litinin babu kira, babu lambar shiga manhajar banki, sai da ya je ofis aka fitar masa da sabuwa. Saboda haka idan ma'aikacin kamfani da kansa bai ce maka ka goge ba, kada ka goge. Ga masu sayen eSIM na data don Umara ko wata tafiya abin ya fi tsanani, domin da yawa daga cikinsu sau ɗaya ake saka su, idan an goge sai a sake saye.

Bayan sabuwar wayar ta fara karɓar kira da saƙo, sai ka koma kan iPhone 11 ɗin. Idan sayar da ita za ka yi, a lokacin Erase All Content and Settings za ta tambaye ka ko a bar eSIM ko a goge shi tare da sauran bayanai. A nan ne za ka zaɓi gogewa.