Aikin da aka yi wa ƙanwata a kan diyapo ɗin sutanans

Ƙanwata ta yi sutanans, wato kare aikin bincikenta a gaban malamai, nan Marwa satin da ya wuce, aikinta kan yadda albasa ke ruɓewa a ajiya. Minti 15 aka ba ta amma diyapo 32 ta haɗa, wato shafukan da ake haskawa a allo, kowanne cike da rubutu, kuma ita in ta tsaya gaban mutane murya rawa take, sai ta juya wa juri baya ta kama karanta allo. Wata abokiyarta ce ta nuna mana wani yaro mai sakatariya a unguwarsu, sefa 5000 muka biya shi.

Gaskiya ya san PowerPoint. Ya mayar da diyapo 12, ya kwashe dogon rubutun ya zuba a ƙasa wajen Notes, inda mai magana kaɗai ke gani, a allo take kawai ya bari da hoto ko lamba ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin not ɗin. Diyapon sakamako misali, da teburi ne mai layi goma, ya bar layi biyu, a not ya rubuta jimlar farko cikakkiya don a nan ne bakinta ke sarƙewa, sai 'yan kalmomi na tuni (zafi, danshi, rumbu), sai jimlar da za ta kai ta diyapo na gaba, har da "dakata, kalli juri, ja numfashi". Sauran teburin ya tura bayan diyapon ƙarshe saboda tambayoyi.

Inda ya gaza, da Faransancinsa ya rubuta ba nata ba, manyan kalmomi irin na littafi. Gwajin farko a tsakar gida ta ƙare a minti 19, idonta bai bar ordinate ba ko sau ɗaya, nan na gane karantawa take ba magana ba. Sai na ce Ƙanwata rufe injin nan, faɗa min da bakinki kamar Inna kike wa bayani, na ɗauka a waya, muka sake rubuta not ɗin daga maganarta. Gwaji na huɗu minti 14.

Bai kuma gaya mana zancen projekta ba. A gida Alt+F5 na nuna not da agogo ko da allo ɗaya ne, amma ranar da aka jona projekta a zauren, not ɗin suka ƙi fitowa, abin da ke bango shi ne a gabanta. Allah ya sa mun je da wuri, wani ɗalibi ya danna Windows+P ya zaɓi Étendre, suka dawo. Mun ma buga su a takarda don gudun ɗaukewar kuran, ba ta taɓa takardar ba, hannunta dai ya yi rawa a diyapo biyun farko sannan ta sake.

Zan sake kai masa aiki, amma wannan karon mai maganar zai zauna kusa da shi yana faɗa shi yana rubutawa.