Inshorar gini ko ta kayan ɗaki: wacce mai gida zai fara saye a Yamai?

Duk wanda ya je neman inshorar gida, wadda mu a nan muka fi sani da asiransi, takarda ɗaya za a miƙa masa, amma a cikinta akwai jimla biyu da ba su haɗuwa: kuɗin da aka rubuta wa gini da kuɗin da aka rubuta wa kayan da ke cikinsa. Idan gobara ta tashi, kamfani ba zai ɗebi ragowar wannan ya cike giɓin wancan ba. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce mutum ya tuna ranar da ɗan haya yake tashi. Abin da zai loda a mota, kamar gado, kujeru, firiji, talabijin da tufafi, shi ne kayan ɗaki. Abin da dole ya bar wa mai gida, wato bango, rufi, ƙofofi, tagogi, wayoyin lantarki da bututun ruwa da aka binne, shi ne gini.

Ni dai ba na ɓoye ra'ayina: wanda aljihunsa ba zai ɗauki biyun ba, ya fara da gini. Kujera da firiji ana mayar da su sannu a hankali, wata bayan wata, amma rufin da ya faɗi ba ya jiran albashi, musamman idan damina ta kawo kai. Inshorar kaya ita kaɗai ta fi dacewa da ɗan haya.

Sai dai sayen inshorar gini abu ne, rubuta mata jimlar da ta dace kuma wani abu ne daban, kuma a nan ne na ƙone hannu. Jimlar da ake nema ba kuɗin da za a sayar da gidan ba ne, domin fili ba ya ƙonewa, kuma a wasu unguwannin Yamai filin ya fi ginin da ke kansa tsada. Ba kuma abin da aka kashe shekaru goma da suka wuce ba ne. Abin da ake nema shi ne kuɗin sake gina shi a yau, da farashin siminti, ƙarfe, kwano da ladan magina na yau.

Ni na rubuta miliyan 18 na sefa, domin abin da na kashe ke nan lokacin gini, kuma na ga ƙaramar jimla tana rage kuɗin shekara. Da wayar lantarki ta kama wuta ta cinye rufin ɗakuna biyu da falo, mai kimantawa da kamfani ya turo ya ce darajar ginin a ranar gobarar, bayan an cire tsufa, miliyan 30 ce, ɓarnar kuma miliyan 10. Na ɗauka tunda 10 ba ta kai 18 ba, za a biya ni duka. Ashe dokar CIMA, wadda ke tafiyar da harkar inshora a Nijar da sauran ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Yaoundé ta 1992, ta ce wanda ya rubuta ƙasa da darajar dukiyarsa ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya ɗauki nauyin ragowar da kansa, sai fa idan kwantiraginsa ya faɗi akasin haka. Tunda kashi uku cikin biyar na darajar na rubuta, kashi uku cikin biyar na ɓarnar aka lissafa mini, wato miliyan 6, sannan aka cire jika 200, kason da kwantiragi ya ce mai gida ne ke ɗauka a kowace asara. Na karɓi miliyan 5 da jika 800 a kan ɓarnar miliyan 10. Babu wanda ya cuce ni, lissafina ne ya gurgunce. Shi ya sa nake cewa a nemi magini ko injiniya ya ƙiyasta kuɗin sake gini kafin a sa hannu, a kuma sabunta jimlar duk lokacin da aka ƙara ɗaki ko bene.

Gadon uwargida da kujerunta da suka ƙone kuwa, ko dala ba a biya ba, domin ban saya musu inshora ba. Wannan yana da nauyi a al'adarmu, inda yawancin kayan ɗaki na mace ne, iyayenta suka yi mata, don haka mai gidan da ya zaɓi gini kaɗai ya kamata ya gaya mata tun farko. Idan za a ƙara kayan, a sani cewa ana cire tsufa mai yawa a na'urori, zinariya da tsabar kuɗi suna da iyaka ko ma ba sa ciki, sata kuma yawanci sai an ga alamar fasa ƙofa ko taga. Na'urar da hauhawar wuta ta lalata ba gobara ba ce a wurinsu, tana da nata sashe.

Akwai abubuwan da ke tsakiya, irin su katangar gida, faifan sola, tankin ruwa da na'urar sanyaya ɗaki da aka kafe a bango. Kada a yarda da amsar baki, a sa a rubuta kowanne da sunansa a ɓangaren da aka sa shi. Haka ma kayan gini: wanda wani sashe na gidansa na laka ne ya faɗa, domin ɓoye shi na iya rage diyya ko rushe kwantiragin. Mazauna bakin kogi, kamar Lamorde, Saga da Kirkisoye, waɗanda suka ga ambaliyar 2020, su lura cewa "ɓarnar ruwa" a takarda yawanci bututun da ya fashe ne ko yoyo, ba kogin da ya cika ya shigo gida ba. Idan ba a ambaci ambaliya ƙarara ba, a ɗauka ba ta ciki, ko ga gini ko ga kaya.

Duk wannan kuma ba shi da amfani idan takardar ta bogi ce. Akwai masu yawo ofis-ofis da jaka, suna cewa su wakilan kamfani ne, su karɓi kuɗi a hannu, su ba da shafi ɗaya mai hatimi. Wani ma wakilin gaske ne, amma ya riƙe kuɗin bai kai ba, kuma a ƙarƙashin dokar CIMA kwantiragi ba ya fara aiki sai an biya kuɗinsa. Alamomin ba su da wuyar ganewa: farashi mai arha fiye da kima, alkawarin "komai da komai yana ciki", rashin lambar kwantiragi, rasit da aka rubuta da hannu, da neman a tura kuɗi zuwa lambar wayar mutum. Kwantiragin gaske yana zuwa da sharuɗɗa na gama-gari da kuma na musamman, masu ɗauke da sunanka, unguwarka da jimlar gini da ta kaya kowacce a layinta. A biya a ofishin kamfanin, ko kuma a ɗauki lambar a je can a tabbatar tana cikin rajistarsu. Mai cewa zai "gyara" jimla ta yi ƙasa don kuɗin shekara ya ragu, shi ma a guje shi, domin ramin da na faɗa ne yake haƙa maka.

Idan asara ta auku, a sanar da kamfani a rubuce cikin wa'adin kwantiragi, wanda doka ta ce ba zai gaza kwanaki 5 na aiki ba, sata kuwa awa 48 ce, tare da takardar ƴan sanda. Kada a fara gyara kafin mai kimantawa ya zo, kuma hotunan ɗakuna da rasit ɗin kaya a ajiye kwafinsu a wajen gidan, domin nawa suna cikin durowar da ta ƙone.